Lissafina ya fito mL 19,2, majo ta ce 9,6: a ina na kauce?

Goggo, barka da aiki. Ina shekara ta biyu a makarantar koyon jinya a Garwa, yanzu muna estaj, wato koyon aiki a asibiti, a ɗakin yara. An kwantar da wani yaro mai kilo 12 da namoniya, likita ya rubuta amoksisilin `80 mg/kg/j`, a raba sau biyu. Siron da ke hannunmu `250 mg/5 mL` ne. Na yi lissafi yadda muka saba tun lise, na samu mL 19,2, har na fara zuƙowa a sirinji. Majo, shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin, ta riƙe hannuna ta ce rabin haka ne, a gaban uwar yaron. Na sake bugawa a waya sau uku, 19,2 ɗin nan dai ke fitowa. An koya mana wata hanya a aji, analis dimansiyonel, amma ban taɓa gane amfaninta ba. Yanzu ko farasitamol aka ce in auna sai gabana ya faɗi.

Ɗaliba daga Garwa

'Yata, wayarki ba ta yi miki ƙarya ba, kuma ko sau ɗari kika buga abin da za ta ba ki ke nan. Lambar daidai take. Amsa ce ta wata tambaya dabam: siro nawa yaron zai sha daga safiyar yau zuwa safiyar gobe. Ke kuwa abin da kike nema shi ne nawa za ki zuba masa a baki yanzu. Da kin rubuta sunan awon a gefen lambar, da kin ga an rubuta mL a rana, kuma da hannunki bai kai ga sirinji ba.

Kin san yadda ake ciniki a kasuwarmu. Mai tumatir ta ce miki "ɗari", ke 'yar gari kin san dala ɗari take nufi, wato sefa 500, domin kowace dala sefa 5 ce. Baƙo ya miƙa mata sefa 100 yana ganin ya biya. Babu wanda ya kasa ƙidaya a cikinsu, sunan abin da ake ƙidayawa ne ya ɓace a tsakani. Hanyar da aka koya muku a aji aikinta ɗaya ne tak: ta hana sunan awo ɓacewa tun daga farkon lissafi har ƙarshensa. Ni bin sunan awo nake ce mata idan ina koya wa ɗalibai, kuma haka zan riƙa kiranta a nan.

Lissafin da kika saba da shi, wanda ake ninka lambobi a gicciye, ba shi da laifi. Na yi shekaru ina aiki da shi. Rauninsa shi ne mataki-mataki ake yinsa, kowane mataki a ajiye lamba tsirara a wuce. Kin ninka 12 da 80 kin samu 960. Kin ce idan 250 na cikin 5, to 960 na cikin nawa, kin samu 19,2. Matakin rabawa biyu ya zame, kuma babu abin da ke kan takardar da zai yi miki tsawa. Idan ɗaki ya cika, yara na kuka, uwa na tsaye a kanki, irin matakin da ke zamewa ke nan.

Ɗauko takarda mu yi na yaron nan tare.

Kafin ki rubuta kowace lamba, rubuta abin da kike nema a hagu, da sunansa cikakke: mL a kowane sha. Wato mL a saman layi, sha a ƙasansa. Wannan shi ne inda za ki sauka, kuma duk abin da ya rage a ƙarshe wanda ba shi ba, alama ce ba ki iso ba.

Sai ki tattara abubuwan da kika sani, kowanne ki ɗauke shi a matsayin abu biyu da suke daidai da juna. A cikin wannan kwalbar, mL 5 da mg 250 abu ɗaya ne, kamar yadda jaka ɗaya da sefa 1000 suke abu ɗaya. A takardar likita, rana ɗaya daidai take da sha 2. Kowane kilo na jikin yaron yana da mg 80 a rana. Yaron kuma kilo 12 ne. Tunda abin da ke sama da abin da ke ƙasa daidai suke, kina da ikon juya kowanne yadda kike so: mL a sama mg a ƙasa, ko mg a sama mL a ƙasa. Ninkawa da irin wannan ba ya ƙara maganin ba ya rage shi, suna kawai yake sauya masa. Abin da zai gaya miki yadda za ki juya shi ne sunan da kike son kashewa.

Fara da wanda ke ɗauke da mL, ki sa mL a sama, tunda a sama kike nemansa. Yanzu mg ya faɗo ƙasa, kuma ba kya son sa a amsa, don haka na gaba dole ya zo da mg a sama. Shi ne umarnin likita. Shi kuma ya jawo kg da rana a ƙasa. Nauyin yaron zai kashe kg. Rana kuma fa? Tana nan zaune a ƙasa tana kallonki, har sai kin kawo abin da ke da rana a sama.

```
 5 mL      80 mg      12 kg    1 rana
------ × --------- × ------ × ------- = ? mL/sha
250 mg   kg × rana      1      2 sha
```

Kada ki taɓa waya tukuna. Ɗauki biro ki soke duk sunan da ya fito sama ya kuma fito ƙasa: mg da mg, kg da kg, rana da rana. Duba abin da ya tsira. A sama mL, a ƙasa sha. Shi kika rubuta a hagu tun farko, to layin ya tsayu. Yanzu ne lambobi ke da izinin magana. Ninka na sama duka: 5 sau 80 sau 12 ya ba da 4800. Ninka na ƙasa: 250 sau 2 ya ba da 500. Raba 4800 da 500.

```
4800 / 500 = 9,6 mL/sha
```

Yanzu rufe gaɓar ƙarshe da yatsa, wadda ke da rana da sha, ki sake sokewa. Za ki ga mL a sama, rana a ƙasa, lambar kuma 19,2. Ga lissafinki na ranar nan, da sunansa a goshi. Wannan ne amfanin da kika ce ba ki gani ba: kuskuren yana fitowa a cikin haruffa tun kafin a kai ga lambobi.

Gwada kuma juya gaɓar kwalbar da gangan, ki sa mg 250 a sama mL 5 a ƙasa. Babu mg da zai mutu, za ki ƙare da mg sau mg a kan mL, abin da babu sirinjin da ke auna shi a duniya, lambar kuma 24000. Wannan kowa zai gane shirme ne. Wanda nake tsoro shi ne irin naki, lambar da ta yi kama da gaskiya. Cokali huɗu na siro ba abin da zai sa ɗaliba ta yi tsalle ba ne.

Ki lura da ɗan harafin nan `j` da ke ƙarshen umarnin. Rana yake nufi, awa 24, kuma a rubutun likita mai sauri yakan zama ɗan ƙugiya da ido ke tsallakewa. Wani likitan zai rubuta maganin nan a matsayin mg 40 a kowane kilo a kowane sha, sau biyu a rana. Magani ɗaya ne, adadi ɗaya. Amma a wannan rubutun babu rana a ƙasa, sha ne a ƙasa tun asali, don haka gaɓar rabawa ba ta da wurin shiga. Ɗalibar da ta haddace cewa kullum ana rabawa biyu za ta raba a nan ma, ta ba yaro rabin maganinsa. Shi ya sa ba na son ki fita daga wannan abin da ya faru da dokar "kada in manta rabawa". Ki kwafi sunan awon yadda aka rubuta shi, shi zai gaya miki ko akwai rabawa ko babu. Idan kuma an rubuta a ba shi duk awa 8, sha 3 ke nan a rana, ba 8 ba. Na ga wadda ta raba da 8.

Akwai rabin aikin da ba a cika nanatawa a aji ba, alhali shi za ki fi yi a ɗaki. Sau da yawa ba a ba ki mg a kilo. Za ki tarar an riga an rubuta: siro mL 10, safe da yamma. Aikinki kafin ki bayar shi ne ki tabbatar wannan adadin ya dace da wannan yaron. Hanyar ɗaya ce, sai dai daga baya za ki taho. Abin nema yanzu mg a kowane kilo a rana, don ki gwada shi da abin da littafin magunguna na ɗakinku ya ce.

```
250 mg   10 mL   2 sha      1
------ × ----- × ------ × ----- = 83,3 mg/kg/rana
 5 mL    1 sha   1 rana   12 kg
```

Kin ga wannan karon kwalbar ta juye, mg ya hau sama, domin mg ake nema. Sama 5000, ƙasa 60, amsa 83 da ɗan kai. An nemi 80, an samu 83, bambancin bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, kuma ya zo ne daga cika 9,6 zuwa 10 don uwa ta iya aunawa da cokalin magani mai mL 5 sau biyu. Wannan cikawar a amoksisilin ba ta da damuwa. Kina ma da shaida ta biyu: jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2014 kan namoniyar yara ya ba yaro mai kilo 10 zuwa ƙasa da 14 ƙwaya 2 ta mg 250 mai narkewa a ruwa, sau biyu a rana. Wato mg 500 a sha, daidai da mL 10 na sironku. Idan hanya biyu da ba su haɗa komai ba suka kai ki wuri ɗaya, hankalinki ya kwanta. Sai dai kada ki mayar da cikawa al'ada. A ƙarshe ake yinta, sau ɗaya, ba a tsakiyar lissafi ba, kuma akwai magunguna irin su digoksin da jentamisin da ba a yi musu ita da ka. Idan sirinjin baki mai mL 10 ne a hannunki, zanensa yakan ba ki damar auna 9,6 ɗin cif.

Da wannan layin kuma za ki amsa tambayar da uba zai yi miki a bakin farmasi, kwalba nawa zai saya. Sha 2 a rana, kwana 5, mL 9,6 kowane sha, mL 96 ke nan. Kwalba mai mL 100 ta isa da ƙyar, mai mL 60 za ta ƙare a kwana na huɗu. Idan ba ki faɗa masa ba, ranar da kwalba ta ƙare ranar magani ya ƙare.

To, kada in sayar miki da hanyar nan fiye da kuɗinta. Tana tsare tsarin lissafi, amma duk abin da kika zuba mata za ta karɓa. Idan lambar da kika kwafa ba daidai ba ce, sunaye za su soke juna lafiya lau, amsa ta fito da kyakkyawan suna, kuma ta zama kuskure.

Na koyi wannan a wata ƙaramar cibiyar lafiya da na yi aiki a farkon fitowata. Muna ba wata yarinya siro mai mg 250 a mL 5, ya ƙare, aka kawo wani daga farmasin gari. Kwalba iri ɗaya a ido, launin ruwan ma kusan ɗaya. Kwana biyu muna zuba adadin mL ɗin da ke rubuce a takarda, ni da abokiyar gadina, zazzaɓi ya ƙi sauka. Sai da na ɗaga kwalbar zan girgiza na ga mg 125 a mL 5. Rabin magani muke ba ta. Lissafin da ke takarda daidai yake, na kwalbar da ta ƙare ne. Tun daga ranar, gaɓar kwalba ba na rubuta ta daga ka, sai kwalbar na hannuna ina karantawa. Wani abin sha'awa, da yaronki siron mg 125 aka kawo masa, da 19,2 ɗinki ta zama daidai a kowane sha. Lamba ɗaya, a wannan kwalba ninki biyu, a waccan daidai. Shi ya sa idan kina miƙa aiki ga mai karɓar gadi, ki faɗi mg ɗin tare da mL ɗin da ƙarfin siron.

Nauyi ma haka. Kilo 12 ɗin nan wa ya auna, kuma yaushe? Idan daga katin rigakafi aka kwafo shi na wata huɗu da suka wuce, ko uwa ce ta faɗa, ko wani ya kalli yaron ya kimanta, to ki ɗora shi a sikeli da kanki, ba takalmi ba kayan nauyi. Yaron da ya yi mako yana gudawa ba nauyinsa na da ke gare shi ba. Jarirai kuma da giram ake rubuta nasu, 2800 misali, sai ki ƙara gaɓa ɗaya a layin, kg 1 a sama g 1000 a ƙasa, ki bar sokewa ta yi aikinta maimakon ki matsar da waƙafi da ka.

Waƙafin nan shi ma ki kiyaye shi. Mu da muka yi karatu da Faransanci 9,6 muke rubutawa, magungunan da ke shigowa daga Najeriya da wayarki kuma 9.6 suke nunawa. Ɗigo ko waƙafi, idan biro ya yi gardama ya ɓace, 9,6 ta koma 96. Bin sunan awo ba zai kama wannan ba, domin sunan bai sauya ba. Abin da ke kama shi shi ne kimantawa da ka kafin ki buga: yaro ya kusa kilo 12, mg 40 a sha, wajen mg 500 ke nan, cokali biyu. Duk amsar da ta yi nisa da cokali biyu, a sake dubawa. Kuma ki riƙa sa sifiri a gaban waƙafi, 0,5, kada ki bar shi tsirara, sannan kada ki rubuta 5,0 inda 5 ta isa.

Hanyar ba ta kuma san magani ba. Ba ta san cewa allurar artesunat ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani mg 3 ce a kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, mg 2,4 ga wanda ya kai. Ba ta san cewa yaro mai jiki, idan aka bi kilo zalla, lissafinsa na iya wuce abin da ake ba babba ba, alhali a nan ake tsayawa. Ba ta san ko yaron ya taɓa yin ƙuraje bayan shan penisilin, dangin amoksisilin, ba. Waɗannan daga littafi da bakin uwa ake samo su. Ko garin siron da aka zuba wa ruwa ya wuce zanen kwalba, mg 250 ɗin ba ya cikin mL 5 kuma, kuma babu lissafin da zai gaya miki.

Farasitamol da ke faɗar miki da gaba, zo mu gama da shi. Ana ba da mg 15 a kilo a kowane sha, duk awa 6, kada a wuce mg 60 a kilo a rana. A nan sha ne a ƙasa, babu rabawa. Siro mai mg 120 a mL 5, yaro mai kilo 12: sama 5 sau 15 sau 12, wato 900, ƙasa 120, amsa mL 7,5 a sha. Idan kwalbar `2,4 %` aka rubuta mata, ma'anarsa g 2,4 a mL 100, wato mg 24 a kowane mL, ƙarfi ɗaya da mai 120 a 5. Mai `3 %` kuwa mg 30 ne a mL, yaron nan mL 6 zai sha. Wasu kwalaben suna zuwa da abin zuƙo mai zanen kilo maimakon mL. Na kwalbarsa ne kaɗai, kada ki ɗauke shi ki auna wani siron da shi, ki kuma gaya wa iyaye haka, don a gida ana tara su a kwano ɗaya.

Maganar majo kuma. Na san zafin a gyara ki a gaban uwar yaro, kuma da ta ja ki gefe da ya fi. Amma riƙe hannun da ta yi shi ne aikinta, kuma irinsa za ki yi wa wata nan da 'yan shekaru. Gobe ki je da takardarki, layin a rubuce, sunaye a soke, ki ce mata: "Majo, ga inda na kauce jiya, na bar rana a ƙasa. Ki duba min na yau kafin in zuba." Har ki gama estaj, duk maganin yaro ki rubuta layinsa a ɗan littafin aljihunki, ki sa wata ta yi nata lissafin ba tare da ta ga naki ba, sannan ku gwada. Idan kika nuna mata amsarki tun farko, idonta zai bi naki ne kawai.

Ranar da lissafinki na tahowa daga baya ya nuna abin da likita ya rubuta ya yi nisa da littafi, kada ki gyara da kanki, kada kuma ki bayar. Ki kai wa majo, ko ki sami likitan da takardar a hannu ki ce: "Dokta, yaron gado na uku kilo 12 ne, abin da aka rubuta ya fito min mg 160 a kilo a rana, haka ake nufi?" Wani lokaci yana da dalilin da ba ki sani ba, zai faɗa miki ki ƙaru. Wani lokaci kuma zai karɓi biron hannunki ya gyara.